Tef ɗin awo ma yana jin zafin rana

A jikin tef ɗin ƙarfe mai kyau, kusa da inda lambobi suka fara, akan ga an buga 20°C. Galibi ba a kula da wannan ɗan rubutu, alhali sharaɗi ne maƙerin ya gindaya: tsawon da aka rubuta gaskiya ne idan ƙarfen yana kan digiri 20. Tun shekarar 1931 kwamitin duniya mai kula da ma'aunai ya tsayar da wannan digiri domin awon tsawo, kuma har yau shi ke cikin ƙa'idar ISO 1. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri, cikin watan Afrilu, sama da digiri 40 muke sha da rana.

Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi. Kowace mita ta ƙarfen tef tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.0115 a kan ƙarin digiri ɗaya. Ga yadda ake lissafin:

```
ΔL = α × L × (T − 20)
```

L tsawon da aka auna, T zafin ƙarfen, α kuma 0.0000115.

A ce safiyo ya shimfiɗa tef mai mita 50 a fili da azahar, ƙarfen ya kai digiri 45. Ya ɗara ƙa'ida da digiri 25 ke nan. In aka ninka 0.0000115 sau 50, sau 25, za a samu mita 0.0144, wato milimita 14 da ɗoriya. A filin gida wannan ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Amma a shimfiɗa tef ɗin sau goma a jere, kuskuren ya kai santimita 14, domin kullum gefe guda yake karkata, ba ya soke kansa.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne: a ƙara ne ko a rage? Tef ɗin da ya miƙe, tazarar lambobinsa ta buɗe, saboda haka ƙasa da gaskiya yake nunawa. In tsakanin turaku biyu da ke kafe ya nuna mita 50, ainihin tazarar 50.014 ce, sai a ƙara. In kuwa sabon turke za a kafa a daidai mita 50, lissafin ya juya, a kafa shi a kan 49.986. Wanda ya rikita biyun ya ninka kuskurensa, gara ma wanda bai yi gyaran ba sam. Da sanyin safiyar hunturu, in ƙarfen ya sauka ƙasa da 20, komai sai ya koma akasin haka.

Kuma zafin ƙarfen ake nufi. Tef ɗin da ke kwance a kan kwalta ya fi iskar wurin zafi nesa ba kusa ba, taɓa shi ma sai da dabara. Shi ya sa ake manna ma'aunin zafi a jikinsa, ko a yi sammako a gama awon kafin rana ta take.

A ɗakin injina maganar ta fi tsanani. Can ana aiki da wasu ƴan tubalan ƙarfe da aka goge fuskokinsu sumul, har in aka murza biyu sai su manne da juna. Carl Edvard Johansson, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya ƙirƙiro su, kuma da su ake tantance sauran kayan awo. Tubali mai milimita 100, a ɗaki mai digiri 35, yana ƙaruwa da milimita 0.017. Ido ba ya gani, amma a aikin da gejinsa bai wuce 0.01 ba, ya isa ya sa a yi watsi da kaya.

Sai dai akwai sauƙi. In abin da ake aunawa ƙarfe ne irin na tubalin, kuma zafinsu ɗaya, tare suke miƙewa, awon ya fita daidai ko babu gyara. Matsala tana zuwa in jinsi ya bambanta. Alminiyon yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka sandarsa mai milimita 100 cif, a wancan ɗakin, za ta zarce tubalin da 0.017, a ɗauka ta yi tsawo a rage ta, alhali ba ta da laifi.

Ɗumin hannu ma yana ɓata awo. Saboda haka da hantsaki ko safar hannu ake ɗaukar tubalan, a ajiye su tare da kayan a kan faranti ɗaya na ƙarfe har zafinsu ya daidaita. Alamar ba su huce ba ita ce a maimaita awo bayan minti goma a ga lambar ta gusa. In ta gusa, sai a ƙara jira a sake gwadawa.