Yadda A Ke Gane Darajar Basarake A Cikin Hoto

Sau da yawa a kan fito da tsohon hoto daga cikin adaka, a ga dattawa sun jeru da manyan riguna da rawuna, sai gardama ta tashi tsakanin masu kallo. Wani ya ce wannan shi ne sarki, domin rigarsa ta fi ta kowa aiki. Wani ya ce a'a, wancan ne, gama ya fi kowa girman rawani. Alhali kuwa duka biyun ba su kama hanya ba. Sarauta ba a gane ta da abin da kuɗi ke saye. Da abin da a ke hana wa waɗansu a ke gane ta.

Riga ita ce farkon abin da ke ruɗin ido. Rigar tsamiya ko saƙi ko barage mai aska takwas, wadda maɗinki ya yi watanni a kanta, tana nuna wadata ne kaɗai. Attajirin kasuwar Kurmi ya kan sa irinta, har ya riɓa biyu ko uku, babu mai ce masa don me. Saboda haka mai neman sani ya ajiye riga tukuna, ya ɗaga ido zuwa ka.

A ɗauki misali da hoto irin na Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, watau hoto mai baƙi da fari. Mutum huɗu suna gaba, waɗansu suna tsaye a bayansu. Na farko saurayi ne da farin rawanin harsa, an fitar masa da kunnuwa biyu a bisa ka. Na biyu tsoho ne mai furfura, rawaninsa babu kunne biyu, amma akwai alkyabba a kafaɗunsa. Na uku ya ja amawali ya rufe bakinsa, idanu da hanci kaɗai a ke gani. Na huɗu yana da alkyabba, da sanda a hannu.

To, a al'adar Kano, kunne biyu alamar gidan sarauta ce, watau zuriyar Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon mulki a 1819. Masu naɗi kan ce siffar kunnuwan nan tare da zagayen rawanin tana kama da rubutun sunan Allah da Larabci, domin mai ɗauke da shi ya tuna akwai wanda ke bisansa. Amma a lura da kyau: kunne biyu asali ya ke faɗa, ba muƙami ba. Saurayin nan na hoto jinin sarauta ne lalle, amma mai yiwuwa ne ba a taɓa naɗa shi kome ba, ko unguwa ɗaya ba ya riƙe da ita.

Nan ne masu gaggawa kan faɗi. Sai su ɗora saurayin bisa tsohon, don shi ke da kunne biyu. Ba su sani ba, masu zaɓen Sarkin Kano, watau Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, ba daga gidan Dabo su ke ba, saboda haka ba su yin naɗin 'ya'yan sarki. Amma su ne ke zama su fitar da wanda zai gaji sarauta. Tsohon nan in ɗaya daga cikinsu ne, to saurayin sai ya durƙusa ya gaishe shi. Abin da ke shaidar tsohon shi ne alkyabbarsa, domin ita a ke yafa wa mutum ranar da a ka naɗa shi a fada, tare da rawanin.

Sai dai ita ma alkyabba ba hujja ce yankakkiya ba. Limamin Juma'a ya kan hau mumbari da alkyabba da sanda, manyan alƙalai ma su kan sa ta. Mutum na huɗu a hoton, in sandarsa ta icce ce kawai, kuma babu dogari ko ɗaya da ke kula da shi, ya fi kusa da zama malami da a ce basarake ne. Sandar girma daban ta ke. Turawa ne su ka shigo da bayar da ita ga sarakuna bayan sun ci ƙasar, Kano kuwa a 1903 su ka shige ta. Ta sarki mai daraja ta ɗaya kanta na azurfa ne, ta mai daraja ta biyu na tagulla. Duk hoton da a ka ga irinta a ciki, ya tabbata bayan zuwan Turawa a ka ɗauke shi.

Saura na uku, mai amawali. Rufe baki ɗabi'ar sarakuna ce, gama ba a so a ga motsin bakin sarki, ko dariyarsa ko ɓacin ransa, a gaban jama'a. Ko da ya ke haka ne, fatake da Buzaye su ma su kan rufe fuska saboda ƙura ko saboda al'adarsu. Sai a sauke ido a dubi ƙafa. In takalmin an lulluɓe shi da baƙin gashin jimina, magana ta kusa ƙarewa, domin wannan takalmi na gidan sarautar Kano ne, kuma tarihi ya jingina shi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tare da figini da kakaki. In kuma ga laima bisa kansa, ga tagwayen masu a hannunsa, to babu sauran shakka. Waɗannan su ne kayan da ba a saye a kasuwa, ba a kuma aron su.

Mutanen da ke tsaye a baya su ma suna da nasu ruɗin. Su ne mafi kusa da jikin sarki, amma kusanci ba girma ba ne, galibinsu dogarai ne da bayin sarki. Rawanin dogari ja ne, tsohon hoto kuwa ya kan mai da ja ya zama baƙi, har mai kallo ya zaci ɗan Kura ne, wannan rawani mai tsada da a ke rinawa da baba. Bambancin yana ga sheƙi. Ɗan Kura ya sha bugu a hannun mabuga, yana walƙiya inda haske ya faɗa masa, kamar an shafa masa mai. Jan rawanin dogari kuwa baƙinsa a dushe ya ke fita, babu ƙyalli ko kaɗan.

Wurin zama a fada ba ya ƙarya: sarki a bisa, kowa a ƙasa, ba takalmi. Amma hotunan da a ka ɗauka tare da Razdan, a kan jera kujeru ne bisa tsarin Turawa, sarki da 'yan majalisa duk a zaune kafaɗa da kafaɗa. A irin wannan, kujera ba ta shaidar kome, sai dai a duba wanda a ka sa tsakiya.

Duk wannan ma'aunin Kano ne, kada a ɗauke shi a auna Katsina ko Sakkwato ko Barno da shi. Kowane gari da nasa naɗin da nasa kayan gado. A Katsina, alal misali, takobin nan Gajere na cikin manyan alamun sarauta. Ko a Kanon ma akwai iyakar da hoto ba ya ƙetarewa. Galadima da Wambai da Ciroma duk 'ya'yan gidan ne, kowannensu da kunne biyu da alkyabba, tufafi ba su raba su. A nan sai a juya hoton a duba ko an rubuta sunaye a bayansa, in babu kuwa, a kai shi wurin tsofaffin fada da su ka san fuskokin.