Cinikin bara, yankin bara

A ce wata mai shago a Katsina ta sayi shinkafa ta naira miliyan 2 daga wani kamfani a watan Maris, sannan ta kwashe ta koma Kaduna a farkon Yuli. Idan ma'aikacin kamfanin ya goge Katsina a rajistar kwastomomi ya rubuta Kaduna, cinikin Maris ma ya bi ta can. Rahoton Katsina na watannin baya zai ragu da miliyan 2, alhali ba wanda ya dawo da ko buhu ɗaya. Alamar cutar ke nan: rahoton da aka rufe tuntuni yana sauya lamba.

Maganin da Ralph Kimball ya shahara da shi, wanda ake kira Type 2, shi ne kada a goge komai. Ana ƙara mata sabon layi, kowane layi da ranar farawarsa da ta ƙarewarsa. Katsina ta ƙare 1 ga Yuli, Kaduna ta fara a ranar. Wajen haɗa ciniki da kwastoma, lambarta kaɗai ba ta isa ba, sai an duba ranar ciniki:

```sql
ON s.cust_id = c.cust_id
AND s.sale_date >= c.valid_from
AND s.sale_date < c.valid_to
```

Kula da alamar < ta ƙarshe. Wanda ya sa BETWEEN a nan zai ƙirga cinikin 1 ga Yuli sau biyu, domin ranar ta shiga layuka biyu. Idan kuma aka bar valid_to na layin yanzu babu komai, sabon ciniki zai ɓace shiru. Shi ya sa ake cika shi da 9999-12-31. A ƙirga layukan ciniki kafin haɗawa da bayanta, dole su zo daidai.