Kuɗin Cizo a Gidan Haya: Yadda Ake Rubuta wa Mai Gida Takarda

A gidan haya mai ɗakuna jere, irin waɗanda suka cika unguwanni kamar Sabon Gari da Brigade a Kano, kuɗin cizo ba ya zama matsalar ɗaki guda. Wanda ya fara jin cizo yakan sayo fiya-fiya ya fesa cikin dare ba tare da ya gaya wa kowa ba, saboda kunya. Ya samu barci na sati ɗaya ko biyu, sai cizo ya dawo, kuma a lokacin maƙwabcinsa ma ya fara susa. Abin da gidan yake bukata shi ne feshin ɗakuna duka a rana ɗaya, kuma babu mai ikon tsayar da wannan rana sai mai gida ko wakilinsa. Shi ya sa takardar da ɗan haya zai rubuta masa take bukatar tsari.

Kafin a ɗauki biro, ya kamata a san halin ƙwaron, domin daga nan hujjar takardar za ta fito. Kuɗin cizo ba ya tashi, rarrafe yake yi, kuma jikinsa a baje yake, tsagar da katin waya zai shiga ta ishe shi maɓoya. Yana bin tsagar bango da ramin wayar lantarki da saman silin ya ƙetara ɗaki na gaba, musamman idan an fesa masa maganin da ya kore shi bai kashe shi ba. Macen takan saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, ƙwan kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwan. Saboda haka feshi sau ɗaya ba ya gama aiki, sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da 'ya'yan suka fito amma ba su kai ga yin nasu ƙwan ba. Babban ƙwaro kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka ɗakin da aka kulle babu kowa ma dole a buɗe shi ranar feshi.

Abu na biyu shi ne shaida. Ƙuraje a hannu ba su isa ba, mai gida zai ce sauro ne. A ɗaga katifa a duba bakin ɗinkinta da mahaɗar katakon gado da ƙarƙashin kushin. Za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an ɗiga tawada, wato kashinsa, da fatar da ya saɓule, da fararen ƙwai ƙanana manne a cikin ɗinki, wani lokaci da ɗigon jini a zanen gado. A ɗauki hoto, a kama ɗaya ko biyu a sa a 'yar kwalba. Sannan a zagaya a tambayi maƙwabta cikin sirri, a san ɗakuna nawa abin ya shafa.

Mu ɗauki gida mai ɗakuna takwas, inda aka ga ƙwaron a uku. Bayan an rubuta kwanan wata da adireshin gidan a sama, takardar za ta iya tafiya haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, dalilin rubuto wannan takarda shi ne mu sanar da kai cewa kuɗin cizo ya shigo gidan nan. Mun same shi a ɗaki na 2 da na 3 da na 6, kuma ga hotuna nan haɗe. An yi feshi a ɗaki na 2 da na 3 daban-daban, amma ya dawo, domin yana bi ta tsagar bangon da ke tsakaninsu da ta silin.

"Muna roƙon Alhaji ya turo mai aikin feshi wanda ya san aikinsa ya duba gidan cikin sati guda, a sa rana ɗaya a fesa ɗakuna takwas duka, har da na 8 da yake kulle, sannan a maimaita bayan sati biyu. Muna kuma roƙon a toshe tsagar bangon da siminti. Akwai jarirai da mai ciki a gidan, don haka muna so a gaya mana sunan maganin da tsawon lokacin da za mu zauna a waje. Mu kuma mun yi alkawarin kwashe kaya, da wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi, da buɗe ƙofofinmu a ranar da aka sa. A kan kuɗin aikin, a shirye muke mu zauna da Alhaji ko wakilinsa. Allah ya ƙara girma. Wassalam."

Sai kowane ɗaki ya sa hannu da lambar ɗakinsa.

Takardar ba ta faɗi wanda ya kawo ƙwaron ba, kuma da gangan aka bar shi. Kuɗin cizo yana shigowa ta katifar gwanjo ko jakar baƙo ko akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, kuma yana zama a ɗaki mai tsabta kamar yadda yake zama a mai datti. Da zarar an ambaci sunan wani, magana ta koma rigimar maƙwabta, mai gida ya samu hanyar cewa ku je ku sasanta kanku. Haka nan babu barazanar riƙe kuɗin haya. Wanda ya riƙe haya ba da yardar mai gida ba, shi zai koma mai laifi idan magana ta kai kotu. Idan an amince 'yan haya su biya a cire daga haya, a rubuta a sa hannu. Rabon da ya fi kama da adalci shi ne gyaran bango da silin su hau kan mai gida tunda gininsa ne, wanki da kwashe kaya su hau kan mazauna, kuɗin feshi kuma a duba abin da yarjejeniyar haya ta ce, idan ta yi shiru a daidaita.

Tambayar sunan magani ita ce jimlar da ta fi kowace nauyi. Akwai masu jefa ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu cikin ɗaki su kulle ƙofa. Wannan ƙwaya tana fitar da iskar guba idan ta haɗu da laima, iskar kuma tana ratsa silin da tsagar bango ta shiga ɗakin da mutane ke barci, tana iya kisa. Ba a sa ta a gidan da ake kwana, ko da ɗakin babu kowa. Haka maganin gona irin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni tun 2019, bai dace da katifa ko ɗakin kwana ba. Mai feshin da ya ƙi nuna kwalbar maganinsa, a sallame shi.

A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya hannu da hannu a gaban wani dattijo, a nemi wakili ya sa hannu a kan ɗayan cewa ya karɓa. Idan sati ya wuce shiru, a aika tunatarwa mai ambaton kwanan watan takardar farko. Idan har yanzu shiru ne, sai a je wurin mai unguwa da kwafin da hotunan, daga nan kuma ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda aikinsu ne shiga gida su duba tsabta su ba mai shi sanarwar gyara. Bayan feshi na biyu, a ci gaba da duba bakin katifa na wata guda. Idan aka ga sabon ɗigo, a sanar da mai gida a rubuce a ranar.