Tsara jerin kalmomi daga kundin karatu: misalin aikatau "saya"

Wannan takarda ta shafi malamin da ke koyar da Hausa ga ɗaliban da ba harshensu na gida ba ne. A irin wannan aji akan haɗa nassoshin da za a karanta cikin kundi guda, kuma daga kundin ne ya kamata jerin kalmomi ya fito, domin ɗalibi ya sake haɗuwa da kalmar a inda ya fara ganinta.

Da farko malami zai bi nassin yana jan layi ƙarƙashin sababbin kalmomi. Sai ya ɗauki waɗanda suka maimaitu, da waɗanda ba a fahimtar labarin sai da su. Ashirin sun isa ga nassi ɗaya. Kowane suna a ba shi jinsinsa da jam'insa, a kuma nuna karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Alal misali, "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, amma wasalin farko gajere ne a na zama, dogo a na tuwo.

Babbar matsala tana wajen aikatau. A ce nassin ya shafi cin kasuwa, kuma an sami waɗannan jimloli: "Abdu ya sayi gero", "Ya saye shi da arha", "Ba abin da ya saya". Ɗalibi zai ɗauka kalmomi uku ne, alhali aikatau ɗaya ne na aji na 2 a tsarin da Parsons ya fitar a 1960. Siffarsa "sayi" ce gaban suna, "saye" gaban wakilin suna, "saya" idan babu karɓau a bayansa. Don haka a shigar da shi sau ɗaya ƙarƙashin "saya", jimlolin uku su biyo baya, kowace da lambar shafinta.

Amma idan aka tarar da "Fatake sun saye geron", kada a haɗa ta da su. Ganin "saye" gaban suna alama ce ta aji na 4, wato sun kwashe geron duka. Wannan sai a ba shi gurbinsa dabam, haka ma "sayar da".

Kafin a raba jerin, a gwada kowace jimla: a rufe kalmar, a ga ko sauran jimlar ya isa ya nuna ta. "Ya ... shi da arha" takan kasa ita kaɗai, domin ba a san mene ne "shi" ba. Idan aka sauya "shi" da "gero", siffar aikatau za ta koma "sayi", misalin ya lalace. Abin yi shi ne a ɗauko ta tare da jimlar da ta gabace ta.