Shayin Mutum Ɗari da Ashirin

Ranar sunan ɗan ƙanwata, cikin tsakiyar hunturu, ni aka damƙa wa shayin maza. Tun da asuba muka ɗora babbar tukunya, muka zuba ganye da citta da kanumfari da sukari gaba ɗaya, muka bar ta kan garwashi don kada ta huce. Waɗanda suka zo da fari sun sha sun yaba. Wajen ƙarfe takwas da rabi kuwa, sai na ga wani dattijo ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a gefen tabarma, bai ƙara waiwayarsa ba. Da na ɗanɗana na gane dalili. Shayin ya yi baƙi ƙirin, ya yi bauri mai kama harshe, ƙamshin duk ya tsere, sai wani ɗanɗanon kwantai da sukari ya kasa rufewa. Ganyen mai kyau ne, ruwan ma haka. Kuskurena shi ne na ɗauka yadda nake dafa buta guda a gida haka ake dafa tukunyar taro, illa dai a ƙara yawa.

Ganye da ruwa da sukari ana ninka su daidai da yawan jama'a. Lokacin da ganye zai yi cikin ruwa kuwa ba ya ninkuwa, minti 4 zuwa 5 ne ko kofi ɗaya ake haɗawa ko ɗari. A nan yawancinmu muke faɗuwa.

Bari mu ɗauki lissafin daga kofi. A ce ana sa ran mutum 120, kuma ƙaramin kofin takarda za a raba, wanda ake zuba wa kamar mililita 150. Da sanyin safiya mutane sukan nemi ƙari, don haka ni nakan ƙaddara rabinsu za su sha na biyu. Kofi 180 ke nan, wato lita 27. Sai a tuna ganye zai shanye wani abu, tururi zai tafi da wani, wani kuma zai rage a gindin tukunya da filas. A cike shi lita 30. Wanda ba shi da abin awo, ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda mai leda 20 lita 10 ce, saboda haka jaka uku ta biya.

Ganyen baƙin shayi kuma giram 10 ne ga kowace lita, idan matsakaicin ƙarfi ake so. Ba daga sama wannan awo ya faɗo ba. 'Yar jakar shayi da muke kira Lifton yawanci giram 2 ce, an yi ta ne don kofi mai mililita 200, ka ga jaka biyar ke nan ga lita. Lita 30 za ta ci giram 300, ko 'yan jakunkuna 150. Idan da madara za a sha, a kai shi giram 12 ko 13 ga lita, domin madara tana danne ƙarfin ganye. Ina ba da shawarar a auna da sikeli, don cokali yana yaudara: ganyen da aka niƙa ƙanana ya fi dogon ganye nauyi a cokali ɗaya, kuma ɗan kuskuren da ba a ji a buta guda, in aka maimaita shi sau hamsin ya zama babba. In babu sikeli a gida, a roƙi mai shago ya auna giram 100, a juye a gwangwani, a yi wa wurin da ya tsaya alama. Gwangwanin ya zama mudun shayin gidan, muddin irin ganyen bai canza ba.

Sukari kamar giram 60 ga lita yana ba kowane kofi kusan ƙwaya biyu, jimilla kilo 1 da giram 800. Amma a ware filas guda marar sukari. Da wuya a tara dattawa a tabarma ɗaya ba a samu mai ciwon sukari ba, kuma da yawansu kunya ba za ta bari su tambaya ba.

To me ya sa babbar tukunya take fin buta ɗaci, ko da awon ɗaya ne? Ƙaramar buta da an sauke ta take fara hucewa, ganyen ya rage sakin abin da ke cikinsa. Tukunya mai lita 30 kuwa tana riƙe zafi na dogon lokaci, ganyen yana ta dahuwa ko babu wuta. Ga kuma wahalar tacewa. Kafin a kwashe lita 30 da moɗa ta cikin 'yar rariya, minti goma sha biyar sun wuce, na ƙarshen ya jiƙu ninki huɗu na abin da ya kamata. Ƙamshi da launi da wuri suke fita daga ganye, sinadaran da ke kawo bauri kuma suna ci gaba da fita muddin ganyen yana cikin ruwan zafi. Maganin shi ne a ɗaure ganyen cikin farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu, a ɗaure shi sako-sako domin ganye yana kumbura kuma yana son ruwa ya ratsa shi. Lokaci na cika a ɗaga ƙunshin gaba ɗaya, a bar shi ya tsiyaye da kansa. Kada a matse.

Dabarar da ta fi yi mini amfani tun daga ranar nan ita ce in daina haɗa lita 30 a zama ɗaya. Ruwan zafi zalla ba ya yin kwantai, yana iya zama a kan wuta duk safiya, sai dai a rufe shi a rage wutar. Shayin da aka riga aka haɗa shi ne mai lalacewa. Don haka babbar tukunya ruwa kawai take ɗauka, shayin kuma a haɗa shi zubi uku, lita goma-goma.

Ga yadda zubi guda yake. A ɗebi lita 2 da rabi na tafasasshen ruwa a ƙaramar tukunya, a sauke daga wuta, a saka ƙunshin ganye giram 110, a rufe, a duba agogo. Ƙarin giram 10 ɗin saboda ganye ba ya sakin duk ƙarfinsa a cikin ruwa kaɗan ne. Bayan minti 5 a cire ƙunshin, a narka sukari giram 600 a ciki, sannan a ƙara ruwan zafi har ya kai lita 10. Kafin a zuba a filas a ɗanɗana. In ya yi lami, zubi na gaba a ƙara ganye, kada a ƙara minti. In ya yi ƙarfi amma babu bauri, ruwa yake so. In kuwa yana kama harshe kamar an tauna ɗanyen goro, ya daɗe ne a ruwa, kuma ƙarin ruwa ba zai gyara shi sosai ba.

Kayan ƙamshi halinsu daban. Citta da kanumfari da kirfa da masoro suna son tafasa, minti 15 ko 20 kafin su saki, ganye kuwa ba ya so. Haɗa su tukunya ɗaya tun farko dole ya cuci ɗaya. A dafa su daban, a tace, a yi amfani da wannan ruwan wajen jiƙa ganyen. A yi hattara da kanumfari, domin shi in ya yi yawa ba ya ɓoyuwa, har harshe yake kashewa. A fara da kaɗan a ɗanɗana. Na'a-na'a kuma sai a ƙarshe, tare da ganye. (Shayin Buzaye da ake tafasawa a 'yar buta ana shan zagaye uku, wannan wata sana'a ce daban, ɗacin ma ana nemansa. Ba shi nake nufi ba.)

Sai batun riƙe zafi, wanda shi ne rabin aikin. Garwashi a ƙarƙashin haɗaɗɗen shayi yana ƙone ruwa, shayin ya ƙara kauri, ƙamshi ya bi tururi, launi ya dushe. Filas ya fi, domin yana tsare zafin da ke akwai ne ba tare da ƙara dafawa ba. Sai dai filas mai sanyi yana satar zafi, musamman da hunturu. A cika shi da tafasasshen ruwa, a rufe minti biyar zuwa goma, a juye, sannan a zuba shayin har wuya. Cikakken filas ya fi wanda yake rabi daɗewa da zafi, saboda haka in akwai filas huɗu, a buɗe ɗaya a ƙarar da shi kafin a taɓa na biyu. Kada kuma a zuba sabon shayi a kan ragowar tsoho. A zubar da ragowar, a ɗauraye. A ganina baƙin shayi marar madara yana riƙe daɗinsa a filas awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan haka zafi yana nan, daɗin ne yake ja da baya.

A shinshina filas ɗin aro kafin a yarda da shi, musamman murfi da robar bakinsa, don nan tsohon wari yake ɓuya. Kular da aka saba zuba miya ko shinkafa ba ta shayi ba ce, robar ta riga ta sha mai da yaji. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa kuma tana mayar da shayi baƙi da ɗanɗanon ƙarfe. Idan aka ga wani yanayi mai sheƙi yana yawo a saman kofi, galibi ruwan ne, na rijiya ko burtsatse mai gishirin ƙasa da yawa. A gwada kofi ɗaya da ruwan tun jajibere.

Madara kada ta shiga filas ɗin ajiya. Ban da canza ɗanɗano, akwai maganar lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60, domin ƙasa da haka ƙwayoyin cuta suna samun damar hayayyafa, madara kuwa gonarsu ce. A dama ta daban kaɗan-kaɗan, a zuba a kofi lokacin miƙawa.

Mai son raba gahawa ta gari, wadda ake tacewa, hanyar ɗaya ce, awon ne ya bambanta. Giram 55 zuwa 60 ga lita, ruwan kuma a bar shi ya ɗan lafa bayan tafasa, tsakanin digiri 92 da 96. Garin yana shanye ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, don haka lita 10 da giram 600 za su ba da ƙasa da lita 9. Gahawa ta fi shayi rashin haƙuri da wuta. Rabin awa a kan murhu ya isa ta yi tsami da ɗaci tare.

A jera lokaci daga baya zuwa gaba. Lita 30 tana iya cin fiye da awa guda kafin ta tafasa a kan gas na gida, don haka in raɗin suna ƙarfe bakwai ne, ruwa ya hau wuta tun kafin sallar asuba. Zubin farko ya shiga filas bakwai saura kwata. Na biyu a jiƙa shi lokacin da aka buɗe filas na ƙarshe na zubin farko, tunda minti goma sun isa a haɗa shi. Na uku kuwa sai an leƙa waje an ƙirga takalma. In jama'a sun fara watsewa, a haɗa rabinsa kawai, ganye giram 55 da lita 5, sauran ruwan zafin a miƙa wa mata cikin gida, ba za su rasa abin yi da shi ba.