Tsani a jikin bango, ratse a tsakiyar fili

Mai gyaran waya ya jingina tsani mai tsawon mita 5 a jikin bango, gindinsa na nesa da bangon da mita 1.4. Ina kan tsanin ya kai? Ba sai an hau da igiyar awo ba, domin bango da ƙasa da tsanin sun haɗa alwatika mai kusurwa irin ta kwanar ɗaki, wato digiri 90.

A irin wannan alwatika ake aiki da ƙa'idar da ake jinginawa ga Fitagoras, masanin Girka ɗan tsibirin Samos, kodayake mutanen Babila sun san lissafin fiye da shekara 1000 kafin shi. Ana rubuta ta a² + b² = c². Harafin c shi ne gefen da ke fuskantar kusurwar, kuma kullum shi ya fi tsawo.

To, a nan tsanin shi ne c, don haka ragi za a yi. 5 sau 5 ya ba da 25, 1.4 sau 1.4 ya ba da 1.96. In aka cire, saura 23.04. Sai a nemo lambar da za a ninka ta da kanta a sami 23.04, wato 4.8. Tsanin ya kai mita 4.8 ke nan.

Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe. Da sun ga lambobi biyu sai su tara, su sami kusan mita 5.2. Amsar da kanta ke tona asirin kuskuren, don babu yadda tsanin mita 5 zai kai sama da mita 5. Malamin da ya sabar wa yara da wannan dubawa ya yi musu babban gata.

Idan aka ja gindin zuwa mita 3, kan tsanin zai sauko zuwa mita 4. Lissafin ya fita tas, shi ya sa littattafai ke son sa, amma tsani mai wannan kwanciya yana iya zamewa da mutum. Ƙa'idar masu aiki ita ce a ja gindi mita 1 ga kowane mita 4 na hawa.

A fili kuwa tarawa ake yi, domin ratsen shi ne ba a sani ba, kuma shi ne c. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68: 11,025 da 4,624 sun zama 15,649, ratsen kuwa kimanin mita 125. Wanda ya bi gefe ya sha kwana zai taka mita 173, mai ratse ya huta da mita 48.

Sharaɗin dai shi ne kwanar filin ta kasance digiri 90, abin da ba kasafai ake samu a gonaki ba. Magina kan tabbatar da ita kafin haƙa harsashi: su auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakaninsu ya zama ƙafa 5. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, kowane ratse daga kwana zuwa kwana ya kamata ya kusa ƙafa 112. In ɗaya ya fi ɗaya, a gyara turakun.