Tsuntsu Gida Biyar Yake Ci, Ba Bakwai Ba

A tambayi ɗan firamare haruffan da ke cikin kalmar tsuntsu, zai lissafa ts, u, n, ts, u, ya ce biyar. Kwamfuta kuwa bakwai za ta ce, don ita t daban take gani, s daban. A nan ne masu tsara wasan cike gidaje da haruffa, irin wanda kalmomi ke gittawa a kwance da a tsaye, suke fara yin tuntuɓe.

Tagwayen baƙaƙe irin su ts da sh sauti ɗaya kowannensu yake wakilta, saboda haka gida ɗaya suke ci. Shinkafa gida bakwai ce, ba takwas ba.

A ɗauka mai tsara wasa ya shimfiɗa tsuntsu a kwance. Gida na huɗu ts ne, don haka duk kalmar da za ta sauko ta ratsa nan dole ta zo da ts. Motsi ta dace: m, o, ts, i, gidanta na uku ya hau daidai. Da ya raba t da s, sai mota ta samu hanyar shiga ta kan t, alhali babu sautin t ko ɗaya a bakin mai faɗin tsuntsu. Gane irin wannan kuskure ba wuya. A furta kalmomin biyu da baki, a saurara ko sauti ɗaya ne a mahaɗarsu.

Haka lamarin yake ga masu ƙugiya. Ƙasa na iya gittawa da baƙo ta kan ƙ, amma ba da baki ba. Wanda ya yi sakaci da ƙugiyar ɗ kuma, ya bayar da ma'anar faɗa, mai warwarewa ya tarar da fada, gidan sarki.

Akwai tarkon da ke kama har gwanaye. Idan aka nanata ts, harafin farko kaɗai ake ƙarawa a rubutu. Tsattsaura ke nan: ts, a, t, ts, a, u, r, a, gida takwas, wannan t ta tsakiya da gidanta. Ita kuwa 'ya'ya gida huɗu ce, domin alamar da ke gaban y ba ta tsaya da kanta ba; a Nijar ma da harafi guda ake rubuta sautin, ƴaƴa. Amma a kalmar sa'a, alhamza baƙi ce cikakkiya, sai an ware mata gida.

Sauran rigimar tana kan kw, gw da ky. Wasu littattafan koyon karatu na jera su cikin baƙaƙe, wasu jerin haruffa kuma sh da ts kawai suke sawa. Gwanda za ta iya cin gida biyar ko shida. Zaɓin na mai tsarawa ne, muddin ya rubuta ƙa'idarsa a ƙarƙashin wasan, kuma kyanwa da kwano suka bi abin da gwanda ta bi.